Riɗin mota shida ya zama ton dubu ashirin da ɗaya a Excel

Auwalu Dawanau: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda zai warware min wannan kafin Alhaji ya dawo daga azahar. Abokin cinikinmu na Maraɗi ya turo fayil ɗin nauyin riɗin da ya loda mana, mota shida. Fayil ɗin .csv ne. Da na buɗe sai na ga komai a cakuɗe, yaron shagonmu ya raba min shi gida-gida, na tara nauyin, Excel ya ba ni 21,384. Ton fa! Mota shida ba ta ɗaukar ko ton ɗari biyar. Ga yadda abin yake in aka buɗe shi da Notepad:

```
mota;kaya;ton;dako
M1;ridi;12,5;25.000
M2;ridi;8,75;18.000
M3;ridi;10,250;20.000
M4;ridi;9;18.000
M5;ridi;11,125;22.500
M6;ridi;7,5;15.000
```

Kuɗin 'yan dako ma na ga ya koma 25 da 18 da 22.5. Ina matsalar take?

Baban Walida: Wa alaikumus salam. Wannan ai mai sauƙi ne Auwalu. Mutanen Nijar da waƙafi suke rubuta abin da mu muke sa wa ɗigo. Zaɓi kolum ɗin nauyin, ka danna Ctrl+H, a sama ka sa waƙafi, a ƙasa ka sa ɗigo, ka danna Replace All. Shi ke nan.

Auwalu Dawanau: Na yi yanzu. Ya ce ya canza guda uku. Jimilla ta koma 21,412.75. Ƙaruwa ma ta yi.

Baban Walida: Ikon Allah. Ni dai kullum haka nake yi kuma yana min aiki.

Maryam Akanta: Auwalu, dakata da taɓa wannan fayil ɗin. Baban Walida ya gano ciwon daidai, maganin ne ya zo a makare, domin ɓarnar ta riga ta faru tun lokacin da yaronku ya raba layukan.

Ka dubi lambobin shida ɗaya bayan ɗaya yadda kwamfutarka take ganinsu. Ita an saita ta a kan cewa waƙafi na raba dubbai ne. Da ta ga 10,250 sai ta ce dubu goma da ɗari biyu da hamsin ne, ta ajiye 10250. Da ta ga 11,125 ta ajiye 11125. Tara kuwa tara ce, ba gardama. Amma 12,5 da 8,75 da 7,5 ba su yi mata kama da dubbai ba, tunda babu lambobi uku bayan waƙafin, sai ta bar su a matsayin rubutu zalla, kamar yadda ta bar kalmar ridi. SUM kuwa ba ya tara rubutu, tsallake shi yake yi bai ce maka komai ba. Tara 10250 da 11125 da 9 ka gani, 21,384 ɗinka ke nan cif.

Da ka yi Replace, waɗannan ukun da suke rubutu su ne kawai ke da waƙafi na gaske a cikinsu, su suka gyaru, suka ƙara 28.75. Waƙafin da kake gani a 10,250 yanzu ado ne kawai da Excel ya ɗora, danna gidan ka dubi sama za ka ga 10250 babu komai a tsakani. Don haka Replace bai same shi ba.

Jimillar gaskiya ton 59.125 ce.

Auwalu Dawanau: Wallahi haka ne Anti Maryam, na danna na ga 10250. Kuma 59 ɗin ya yi daidai da abin da suka faɗa mana a waya. To in raba waɗancan biyun da dubu kawai?

Maryam Akanta: A layi shida za ka iya, tunda kana ganinsu da ido. Ranar da aka turo maka layi ɗari huɗu ba za ka san wanne ne ya kumbura wanne ne dama can babba ba. Gara ka koyi hanyar yau, ba ta kai minti biyu ba. Rufe wannan ba tare da ka adana ba. Koma Notepad ka kwafe komai, ka buɗe sabon shafi a Excel ka liƙa a A1. Kowane layi zai zauna a gida ɗaya. Zaɓi kolum A, ka shiga Data, sai Text to Columns, ka zaɓi Delimited. A mataki na biyu ka sa alama a Semicolon kaɗai, ka tabbatar babu alama a Comma. A mataki na uku ne mutane ke saurin danna Finish, nan yaronku ya wuce. Akwai maɓalli Advanced. Shiga, a Decimal separator ka sa waƙafi, a Thousands separator ka sa ɗigo, sannan OK, sannan Finish.

Abin da ka yi shi ne ka gaya wa Excel yadda mai fayil ɗin ya rubuta, tun kafin ya fara hasashe. Za ka ga 12.5 da 10.25 da 11.125, kuɗin dako kuma 25000.

Auwalu Dawanau: Na liƙa amma bai zauna a gida ɗaya ba, da kansa ya rarrabu, 10,250 ta sake dawowa.

Maryam Akanta: Excel ɗin ne yake tune da rabon da aka yi ɗazu, yana maimaita shi a kan duk abin da aka liƙa. Rufe Excel gaba ɗaya, ba fayil ɗin kaɗai ba, ka sake buɗewa ka liƙa.

Sadiya: Ni ma ina da irin wannan matsalar. Madannin lambobi na gefen dama a laftof ɗina, in na danna ɗigo sai waƙafi ya fito a Excel. Yayana ne ya kawo min ita daga Kwatano. Mai gyara ya ce sai an canza kibod, dubu goma sha.

Injiniya Bello: Sadiya kada ki ba shi ko sisi, kibod ɗinki lafiyarsa ƙalau. Taki daban ce da ta Auwalu, amma tushensu ɗaya. Laftof ɗin saitin Faransanci ke kanta, shi ya sa wannan madannin ke ba ki alamar da saitin ya sani. Danna Windows da R tare, rubuta intl.cpl, a Format ki zaɓi English (Nigeria). In kin shiga Additional settings za ki ga abubuwa ukun da ke haddasa duk wannan rigimar a jere: Decimal symbol, Digit grouping symbol da List separator. Na farko ɗigo, na biyu waƙafi, na uku waƙafi. Ki rufe Excel ki sake buɗewa.

Sadiya: Ya yi! Na gode Yaya Bello. Amma tsofaffin fayilolina na makaranta fa, ba za su lalace ba?

Injiniya Bello: In .xlsx ne ba abin da zai same su. Jira Maryam ta yi bayani, ta fi ni iya faɗa.

Auwalu Dawanau: Alhamdu lillahi ya fito, 59.125. Kuɗin dako jimilla 118,500. Allah ya saka da alheri Anti.

Musbahu: Ni abin da ban gane ba, me ya sa ba za su rubuta daidai ba tun farko? Duk duniya da ɗigo ake lissafi. Ka ce ma su gyara kwamfutarsu.

Isuhu Maraɗi: Malam Musbahu, a yi haƙuri, wace duniya? Mu tun ajin farko birgil, wato waƙafi, aka koya muna. Sha biyu da rabi 12,5 ne a Maraɗi da Damagaram da Yamai, haka a Kwatano, haka a Njamena, haka a Faransa da Jamus. Odinater ɗinmu ba ta lalace ba. Mu ma in kun turo muna naku haka muke shan wuya: 12.5 ta tsaya a gefen hagu ta ƙi shiga lissahi, layin duka ya dunƙule cikin gida guda saboda kun raba da birgil mu kuwa odinater na jiran `;`.

Malam Nasiru: Isuhu ya yi gaskiya. Ina koyar da kimiyyar lissafi a sakandare, kuma wannan magana an daɗe da yanke ta. Babban taron awo da ma'auni na duniya, zama na 22 a shekarar 2003, ya amince cewa ɗigo da waƙafi duka daidai ne wajen raba cikakkiyar lamba da ɓarinta. Abin da taron ya hana shi ne a sa ɗigo ko waƙafi tsakanin dubbai, ya ce in za a raba a bar fili kawai. Wato 25,000 namu da 25.000 nasu duka sun saɓa wa wannan ƙa'idar. Afirka ta Kudu ma da Turanci suke aiki amma a hukumance waƙafi suke sawa.

Musbahu: To ai ko su ba su tsaya a wuri ɗaya ba. A fayil ɗin Auwalu ga waƙafi ga ɗigo.

Isuhu Maraɗi: Wannan kam gaskiyarka. A makaranta fili ake bari, 25 000. Amma a kasuwa da rasit da allon farashi kowa 25.000 F yake rubutawa, jika ashirin da biyar ke nan. Ba mai ruɗewa a nan, don sefa ba ta da kwabbai bayan lamba, kowa ya ga ɗigo da sifiri ukku ya san dubbai ne. Sai ta ƙetare Jibiya take zama matsala.

Maryam Akanta: Kuma wannan ɗigon ya fi waƙafin haɗari a wurina. Ton 21,384 kowa ya gani ya san ƙarya ce, shi ya sa Auwalu ya zo tambaya. Amma 22.500 ta koma 22.5 a cikin dogon lissafi, ko a ce gida uku sun zama rubutu an tsallake su jimilla ta ragu kaɗan, wannan sai an biya kuɗi an gama kafin a farga. Ni duk fayil ɗin da ya fito daga wata kwamfuta, kafin in tara komai sai na sa waɗannan biyun a ƙasan kolum:

```
=COUNT(C2:C7)
=COUNTA(C2:C7)
```

Na farko lambobi kaɗai yake ƙirgawa, na biyu duk gidan da ke da wani abu. A fayil ɗin Auwalu na farko da sun ba da 3 da 6. In ba su zo ɗaya ba akwai rubutu a ɓoye. Da ido ma ana gani in ba a taɓa jerin ba, lamba na jingina dama, rubutu na jingina hagu. Sai dai wannan gwajin ba ya kama waɗanda suka kumbura, su lambobi ne na gaske. Su sai ka jera kolum ɗin daga babba zuwa ƙarami ka dubi sama da ƙasa, ka tambayi kanka ko mota na ɗaukar haka.

Sadiya, amsar tambayarki ita ce ma maganin da ya fi duka. Fayil ɗin .xlsx lambar kanta yake ajiyewa, sha biyu da rabi, kowace kwamfuta kuma ta nuna ta da alamar da aka saita mata. Ki rubuta 12.5 a Kano, Malam Isuhu ya buɗe a Maraɗi ya ga 12,5, ba wanda ya canza komai. Har sunayen fomula suna juyawa da kansu, SUM ɗinki ya fito masa SOMME. Shi kuwa .csv rubutu ne tsagwaronsa, babu inda ya ce ga ƙasar da aka rubuta shi, duk wanda ya buɗe sai kwamfutarsa ta yi hasashe. Auwalu, ka roƙi mutumin naku ya riƙa turo .xlsx, kai ma in za ka mayar masa da lissafi ka tura haka.

Auwalu Dawanau: Na kira shi. Ya ce nauyin daga na'urar sikeli yake fitowa, ita kuma .csv kaɗai take bayarwa. Amma ya yarda zai riƙa buɗewa a tasa kwamfutar ya adana da .xlsx sannan ya turo.

Isuhu Maraɗi: Hakan ya yi, amma ka ce mashi ya duba kuɗin dakon. Wannan da hannu aka ƙara shi, kuma 25.000 a Excel na Faransanci ma ba lamba ba ce, rubutu ce. Haka za ta iso maka ko a .xlsx. Ya rubuta 25000 ba ɗigo ba fili.

Maryam Akanta: Madalla Malam Isuhu. In ta iso a rubutu kuwa da sauƙi, tunda ba ta lalace ba tukuna. Daga Excel 2013 zuwa sama akwai fomula ta wannan aikin:

```
=NUMBERVALUE(D2,",",".")
```

Alamar farko ita ce mai raba ɓari a rubutun, ta biyu mai raba dubbai. 25.000 za ta ba da 25000, 1.250,50 ta ba da 1250.5. A wurinku sunanta VALEURNOMBRE, kuma da `;` za ku raba sassanta. In fayil ɗin Najeriya ne ya zo muku sai ku juya alamomin biyu:

```
=VALEURNOMBRE(D2;".";",")
```

Hajiya Rabi: Ni ban iya fomula ba, amma shekara da shekaru ina sayen wake daga Damagaram. Shawarata ku daina ton. Ku rubuta kilo. 12500, 8750, 10250, ba waƙafi ba ɗigo, ba abin da kwamfuta za ta yi hasashe a kai. Ni da yarana haka muka yi muka huta.

Injiniya Bello: Hajiya wannan ita ce shawarar da ta fi min kowacce a nan.

Hamadu Garwa: Hajiya, a nauyi ta yi, amma akwai inda ba gudu. Mu a Kamaru ofis ɗaya za ka samu kwamfuta mai Faransanci da mai Turanci tebur da tebur. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, tsayayyen farashi tun 1999, wato ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya. Lambobi uku ne cif bayan waƙafin. Kwafe shi daga saƙo ka liƙa a kwamfuta mai Turanci, ya zama dubu ɗari shida da hamsin da biyar, kuma COUNT ɗin Anti Maryam zai ce lafiya lau. Farashin canji ba ya rubutuwa babu ɓari.

Ina da tawa tambayar ma. Takardar banki da nake saukewa tana zuwa da lambobi irin 1 250 000,50. Na yi Replace na cire fili, ya ce bai samu komai ba, ga shi ina ganin filin da idona.

Injiniya Bello: Ba filin da madannin sarari ke bugawa ba ne. Akwai wani fili na musamman da ke hana lamba tsinkewa a ƙarshen layi, a ido iri ɗaya ne, a wurin kwamfuta harafi ne daban. Gwada wannan a kan gidan, zai gaya maka lambar harafi na biyu:

```
=UNICODE(MID(B2,2,1))
```

In 32 ya ba ka fili ne na kullum. In 160 ko 8239 ne to shi ne. Ka cire su tukuna sannan ka juya:

```
=NUMBERVALUE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(B2,UNICHAR(160),""),UNICHAR(8239),""),",",".")
```

Hamadu Garwa: 160 ne. Ya fito 1250000.5. Usoko, na gode ƙwarai.

Baban Walida: To ni dai har yanzu ina ganin ya fi sauƙi mutum ya shiga File, Options, Advanced, ya cire alamar Use system separators, ya mayar da Excel ɗinsa na waƙafi, ya yi aikinsa, ya dawo da shi. Ba fomula ba komai.

Injiniya Bello: Yana aiki in kafin ka liƙa ko ka raba ka canza, ba bayan nan ba. Damuwata mantuwa ce. Saitin na Excel ɗin gaba ɗaya ne ba na fayil ɗaya ba, in aka manta ba a dawo da shi ba, gobe yaron shago ya zo ya buga 1,500 yana nufin dubu da ɗari biyar, Excel ya ajiye ɗaya da rabi.

Baban Walida: Ni ba na mantawa, kuma ni kaɗai ke taɓa tawa.

Maryam Akanta: In kai kaɗai ne ba laifi. Google Sheets a nan ya fi daɗi, saitin ƙasa na kowane fayil daban ne, a File, Settings, Locale. Ka mayar da shi France kafin ka shigo da bayanan, in sun shigo a matsayin lambobi ka mayar da shi inda kake so.

Saura komawa. Auwalu, in wata rana dole .csv za ka mayar Maraɗi, misali wata manhaja ce a can za ta karanta, Excel zai rubuta shi da List separator na Windows ɗinka. Sai ka bi hanyar da Bello ya nuna wa Sadiya ka mayar da Format zuwa French (France), ka buɗe Excel ka adana, ka dawo da saitinka nan take. Abu biyu ka kula. Ka cire adon dubbai daga lambobin kafin ka adana. Sannan .csv abin da ke bayyane a gidan yake rubutawa, in ka saita kolum ɗin ya nuna lamba biyu bayan ɗigo, 11.125 za ta tafi a 11,13, kilo biyar sun ƙaru daga babu. Ka buɗe da Notepad ka duba kafin ka tura.

Sadiya: Anti, in kolum ɗaya ya haɗa duka biyun fa? Muna da aikin tattara bayanai, wasu ɗalibai sun rubuta 12.5 wasu 12,5, akwai kuma mai 1,250 da ban san me yake nufi ba.

Maryam Akanta: Kada ki ja NUMBERVALUE a kan kolum ɗin duka. In kika ce mata ɗigo na dubbai ne, 12.5 da ke zaune a rubutu za ta mayar da ita 125. Masu lamba ɗaya ko biyu bayan alamar ba shakka ɓari ne, kowace alama aka sa, waɗannan ki gyara hankali kwance. Masu lamba uku ki ware su gefe. Me kuke aunawa?

Sadiya: Nauyin kaji, da kilo.

Hajiya Rabi: To ai kaza ba ta kai kilo dubu, 'yata. Ɗaya da kwata ne.

Injiniya Bello: In duk da kilo suka rubuta. Wani zai iya aunawa da giram ya rubuta 1,250.

Hajiya Rabi: Ko giram ɗin ne ai ɗaya da kwatan ne dai.

Injiniya Bello: Haka ne Hajiya, a nan an yi sa'a sun haɗu. A kolum ɗin kuɗin abinci ba za a yi wannan sa'ar ba.

Sadiya: Akwai shi kuwa. Wani ya rubuta 2.300, kuma ɗaya daga cikinmu a Ƙonni ya yi nasa aikin, ban san ko naira ce ko sefa ba.

Maryam Akanta: Wannan ba fomular da za ta sani. Nemo takardar da ya cike da hannu, ko ki kira shi.

Sadiya: Wayarsa ba ta shiga tun jiya. Zan sa wa gidan launi in bar shi ba a jimilla ba sai ya amsa.